Daga Sokodé zuwa Dapaong: yadda kuɗi ke tsallakawa tsakanin asusun waya mabambanta

A Togo kamfanoni biyu ne suka riƙe harkar kuɗin waya: Flooz na Moov Africa, da T-Money wanda ya koma Mixx by Yas a ƙarshen 2024. Shekara da shekaru kowanne na zaune a nasa gida. A ce ɗan kasuwa a zangon Sokodé zai biya mai zabi a Dapaong sefa 150,000, amma asusunsu ba na kamfani ɗaya ba ne. Abin da aka saba shi ne ya cire kuɗin wajen wakili, ya biya ladan cirewa, ya kai su rumfar ɗaya kamfanin a sake zubawa. Shi ya sa 'yan kasuwa da yawa ke yawo da layi biyu.

Wannan katangar ce babban bankin BCEAO ya nufi rushewa da dandalin PI-SPI, wanda ya ƙaddamar a Dakar ranar 30 ga Satumba 2025, don ƙasashe takwas na UEMOA, ciki har da Togo, Nijar, Benin da Burkina Faso. Dandalin yana aiki dare da rana, yana haɗa bankuna, cibiyoyin ba da ƙananan rance da kamfanonin kuɗin waya.

Mu koma ga sefa 150,000 ɗin nan, a ce cibiyoyin mutanen biyu duk sun shiga dandalin. Ɗan Sokodé zai rubuta laƙabin mai karɓa, wanda manhaja ke kira "alias", ko ya ɗauki hoton lambar QR tasa. Sai sunan mai asusun ya bayyana, ya duba, ya tabbatar da lambarsa ta sirri. Cibiyarsa za ta riƙe kuɗin, ta aika saƙo ga dandalin, shi kuma ya tambayi cibiyar mutumin Dapaong ko asusun yana nan kuma zai iya karɓa. In ta amince, cikin 'yan daƙiƙoƙi kuɗin sun shiga.

Me ya sa cibiya za ta ƙara wa mutum kuɗi alhali ba a kawo mata ko sisi ba? Saboda biyan na gaskiya a babban banki ake yin sa. A can ake rage sefa 150,000 daga lissafin cibiyar mai aikawa, a ƙara a na cibiyar mai karɓa. Ba sai kamfanonin sun yarda da juna ba, muddin duk sun yarda da alƙalin da ke tsakani. Haka aka yi a Gana, inda GhIPSS ya haɗa asusun waya tun 2018.

Sai dai gada ba ta amfani sai ƙafafunta biyu sun taɓa ƙasa. Ƙaddamar da dandali bai nufin kowace cibiya ta shiga ba, domin BCEAO jerin sunayen waɗanda suka cika sharaɗi yake fitarwa, ana ƙarawa sannu a hankali. In cibiyar mai karɓa ba ta ciki, biyan ba zai tafi ba. Don haka tambayar farko kafin a gama ciniki ita ce: a ina asusunka yake, kuma sun shiga?

Akwai kuma iyakar asusu. Ƙa'idar BCEAO ta 2015 ta ce asusun waya na wanda aka tantance ba zai riƙe fiye da sefa miliyan 2 ba. Mai zabin da ke da 1,900,000 a ciki ba shi da wurin 150,000, sai biyan ya dawo. Alamar ita ce an rage wa mai aikawa, can kuwa shiru. Kada a yi gaggawar sake aikawa. A duba tarihin biya, a riƙe lambar shaidar cinikin, a kai koke ga cibiyar da aka aika daga gare ta. Mai karɓa kuwa ya duba abin da ke asusunsa da idonsa, kada hoton rasit ya ruɗe shi. In kuma aka tabbatar da sunan da ba shi ba, biyan ya riga ya zauna, dawo da shi sai an bi ta koke.

Ga masu fatauci ta Cinkassé, dandalin na sefa ne kawai. Sidin Gana da nairar Najeriya suna waje, har yanzu sai an bi ta canji. Haka nan dandalin ba ya sa tsabar kuɗi a aljihun wakili: ranar kasuwa, mai zabin na iya ganin 150,000 a wayarsa, wakili ya ce ba shi da su a hannu. Ribar za ta fito fili ne ranar da mai hatsi da direban mota su ma suka karɓi biya ta waya, har ba a bukatar cirewa.