Zuwa ga Matan Ƙungiyarmu ta Zumunta, kan Kayan Barka



Ranar sunan da ya wuce na ƙirga kayan barka: rigunan jariri sha huɗu, sabulu, hoda. Mai jego kuwa, ko kofin kunu babu wanda ya yi mata tanadi.

Wankan jego kwana arba'in ne, safe da yamma, kuma garwar ruwan zafi ba ta tafasa da fatan alheri. Ina roƙon kuɗin da muke tarawa ya tafi ga itace ko gawayi na waɗannan kwanaki, da gero, da yajin jego, da ƙaurin da za a dafa mata. Matar da ta zubar da jini wajen haihuwa tana bukatar hanta da nama da zogale, domin ƙarancin jini shi ke kawo jiri da kasala. Kunun kanwa dai a sassauta hannu, likitocin Zariya sun daɗe suna danganta yawan kanwa da ciwon zuciya bayan haihuwa. In ƙafafunta sun kumbura ko numfashi ya yi mata wuya, kuɗin motar asibiti ya fi atamfa.

Sannan mu raba kwanaki, kowace ta ɗauki wanki da girkin yini ɗaya, mai jego kuma ta samu barci.

Taku,
ƙanwarku a ƙungiya