Manhajar Da Aka Fasa: Sabuntawa Hatsari, Bari Hatsari

Duk wanda ya zaga garin Ƙaraye ko Rogo a kwanakin nan zai ga ƙananan shaguna na buga takardu da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta. A nan ake buga katin ɗaurin aure, da takardun jarrabawar makarantu, da wasiƙun neman aiki. Matasan da suka riƙe wannan sana'a sun cancanci yabo. Amma akwai wani miki da ya kamata mu taɓa, ko da zai yi zafi. Da yawa daga cikin na'urorin nan suna aiki ne da manhajar da ba a saya ba, wadda aka fasa makullinta, masu sana'ar kuwa suna kiranta kirak.

Wani mai shago da na sani a Ƙaraye ya sayo kwamfuta ta hannu a birnin Kano. Wanda ya sayar masa ya ɗora masa Windows da CorelDRAW a matsayin gyara, sa'an nan ya gargaɗe shi da cewa kada ya kuskura ya bar ta ta sabunta kanta. Watanni aka yi lafiya lau. Ran nan yaron shago ya haɗa na'urar da intanet don ya aika wa wani malami saƙo, wani akwati ya fito yana neman izinin sabuntawa, yaro ya danna. Kashegari CorelDRAW ya buɗe, amma ya ƙi ajiye aiki, ya ƙi bugawa, sai dai kallo kawai. Ga katunan biki na mutane da aka karɓi kuɗinsu, ga ranar Juma'a ta matso.

To, me ya faru? Mai fasa manhaja ba tsafi yake yi ba. Yakan nemo fayil ɗin da ke tambayar lasisi, ya gyara shi yadda kullum zai amsa cewa an biya. Sabuntawa kuwa aikinta ke nan ta kawo sababbin fayiloli daga kamfani ta ɗora a kan tsofaffi. Idan ta duba ta ga fayil ɗin da ta tarar bai yi daidai da na asali ba, sai ta tsaya, a ga saƙon kuskure. Idan kuwa ta wuce, to ta shafe gyaran mai fasa ke nan, mai gadi na gaskiya ya koma bakin ƙofa. Manhajar ta tambayi kamfani lambar da aka sa mata, a ga lamba ce da dubban mutane ke amfani da ita, a rufe. Ashe ba lalacewa sabuntawar ta yi ba, aikinta ta yi.

Ba yau aka fara ba. A shekarar 2010 kamfanin Microsoft ya fito da wata sabuntawa ta Windows 7 mai lamba KB971033, wadda aka yi musamman domin gano dabarun fasawa. Waɗanda suka daɗe a sana'ar za su tuna yadda bangon allo ya riƙa komawa baƙi ƙirin, da rubutu a kusurwa cewa This copy of Windows is not genuine.

Dabarar da ta fi yawa daga baya ita ce ta KMS. Asalinta tsari ne na halal da aka yi wa manyan ma'aikatu, inda kowace na'ura ke karɓar izinin kwana 180 daga wata babbar na'ura ta ma'aikatar, tana sabunta shi lokaci lokaci. Masu fasa sai suka ƙera ɗan shiri da ke zama cikin kwamfutarka yana kwaikwayon waccan babbar na'ura. Ranar da mai tsaron Windows, watau Defender, ya gane shi ya kawar da shi, izini ba zai sake sabuntuwa ba, in kwanakin suka cika sai ƙorafi ya fara. Mai son ya san matsayinsa sai ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta:

```
slmgr /xpr
```

Idan amsa ta ce lasisin na dindindin ne, da sauƙi, ko da yake wasu dabarun fasawa su ma haka suke nunawa. Idan kuwa ta ba da ranar ƙarewa nan da 'yan watanni, alhali na'urar ba ta wata ma'aikata ba ce, to aron riga ne aka yi maka.

Saboda masu ɗora manhajar sun san haka, sai su toshe hanya tun da wuri. Sukan kashe Windows Update, su kashe Defender, su kuma rubuta adireshin kamfanoni cikin wannan fayil:

```
C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts
```

Duk layin da ya fara da 127.0.0.1 ko 0.0.0.0, sunan kamfanin manhaja na biye da shi, ma'anarsa an karkatar da hanyar zuwa kamfanin ta koma bango. Shi ya sa wani zai ƙone datarsa yana jiran sabuntawa, ta ƙi sauka, ya ɗora wa rashin sabis laifi.

Nan ne wasu za su ce, to ai magani ya samu, kada a sabunta. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. A watan Maris na 2017 Microsoft ya fito da gyaran wata ɓaraka a Windows. A watan Mayu na shekarar cutar WannaCry ta bi ta wannan ɓaraka ta kulle na'urori a ƙasashe kimanin 150, har da asibitocin Ingila. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su ɗora gyaran ba. Na'urar da aka kashe wa sabuntawa domin a kare kirak, gida ce da aka cire wa ƙyaure don kada mai bin bashi ya ƙwanƙwasa.

Mafi muni shi ne abin da mutum ke yi bayan manhaja ta rufe. Cikin gaggawa zai shiga intanet neman sabon kirak, a ce masa ya kashe mai tsaro kafin ya ɗora, shi kuwa ya kashe da hannunsa. Ta wannan hanya ce cutar STOP, wadda ake kira Djvu, ta yaɗu tun 2018. Takan kulle fayiloli, ta bar takarda mai suna _readme.txt, inda a da ta riƙa neman dala 980, ko 490 in an biya cikin kwana uku. Mai shagon da ke riƙe da hotunan mutane da takardun shaidarsu, wane bayani zai yi musu?

Na san hujjar masu sana'a, kuma ba ta banza ba ce: da dala ake sayen lasisi, ribar shago kuwa da naira take zuwa. Amma tsada ba ta halatta kayan wani, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuwa ta haɗa da manhajar kwamfuta. Bugu da ƙari akwai mafita. LibreOffice na buga takardu, Inkscape na zanen kati, duka kyauta ne bisa izinin masu su, suna kuma sabuntuwa ba fargaba. Wanda cinikinsa ya dogara ga CorelDRAW, ya lissafa lasisi cikin jari kamar yadda ya lissafa janareta.

Shawarata ga 'yan'uwa ita ce, kafin a taɓa komai, a kwafe ayyukan mutane a wani ma'aji dabam a cire shi daga jikin na'ura. Sa'an nan a goge na'urar gaba ɗaya a ɗora Windows na asali, domin cire kirak kaɗai ba ya tabbatar da an cire abin da ya shigo tare da shi. A kuma tuna kamfanin ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuwa kulawarsa ta yau da kullum ta ƙare a Oktoban 2025. Mai sayen kwamfuta ya tambayi lasisi tun a gaban mai sayarwa. Araha dai ba ta ado. Allah ya sa mu gane, amin.