Gwal Ne Ya Tashi, Ko Naira Ce Ta Faɗi?

A wannan makon muna so mu taɓo maganar da ake yawan yi a gidajenmu, daga nan Ruwan Godiya har Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara: "Gwal ya tashi, a sayar a ci riba." Mu a ganinmu, sau da yawa gwal ɗin yana nan inda yake, kuɗin hannunmu ne ya lalace. Wanda bai bambance biyun ba zai iya rabuwa da ajiyar gidansa yana murna.

Da dala ake yanke farashin gwal a duniya, a kan awon da ake kira oza, wato giram 31.1. Dillalin da ke Funtua ko Kano ba shi yake ƙirƙiro farashi ba. Sarƙa da awarwaron da yake sayarwa galibi daga Dubai ko Saudiyya aka shigo da su, da kuɗin waje. Ɗanyen gwal ɗin da ake haƙowa a Zamfara da Birnin Gwari shi ma akasari waje yake fita. Don haka lissafinsa guda ne: kuɗin giram a dala, a ninka shi da farashin dala a wajen 'yan canji, irin na Wapa a Kano.

Mu tuna farkon 2024. Daga Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, oza tana tsaye a wajen dala 2,000 da ɗoriya, wato giram ɗaya na tataccen gwal kusan dala 65. A farkon Janairu dala tana kusan naira 1,200 a kasuwar bayan fage, giram ya kama kimanin naira 78,000. Kafin Fabrairu ya ƙare dala ta haura 1,800, giram ɗin nan dai ya zama kimanin naira 117,000. A London da Dubai kusan babu abin da ya motsa, amma a nan an ga ƙarin rabi cur.

To, matar da ta sayar da sarƙarta a lokacin, ribar me ta ci? Taki, maganin feshi, kayan gyaran babur da magungunan asibiti duk dalar nan suke bi. Ta karɓi takardun kuɗi masu yawa, amma abin da za su saya bai ƙaru kamar yadda take zato ba. Amfanin gwal ɗin shi ne ya tsare mata darajar dukiyarta, alhali wanda ya ajiye tsabar kuɗi a akwati ya tafka asara.

Wasu za su ce, ai kuwa in haka ne kowa ya ruga ya sayi gwal da zarar naira ta fara zubewa. A nan ma sai a yi hattara. Zuwa tsakiyar Afrilu na 2024, gwal ya tashi da gaske a duniya, giram ya kai kusan dala 76. Amma naira ta farfaɗo, dala ta sauko kusa da 1,150. In muka ninka, giram ya dawo kimanin naira 87,000. Wanda ya saya cikin firgici a Fabrairu ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa cikin wata biyu, duk da gidajen rediyo suna ta cewa gwal ya yi tashin gwauron zabi.

Wannan lissafi na tataccen gwal ne mai karat 24. Na wuyan iyayenmu da matanmu yawanci 21 ne ko 18. Mai 21 kashi 87.5 cikin ɗari ne gwal, mai 18 kuwa kashi 75. Sannan kuɗin aikin maƙeri da aka biya ranar saye ba ya dawowa ranar sayarwa, ga kuma ribar dillali.

Mun san halin da yankinmu yake ciki. Akwai gidajen da suka sayar da gwal ba don son rai ba, sai don rashin lafiya ko kuɗin fansa. Mai irin wannan larura ba ya iya jiran kasuwa, amma yana iya hana a cuce shi. Kafin a miƙa kaya, a nemi farashin oza na ranar da farashin dala na ranar, a yi lissafin a waya, a ga awo da ido, a kuma taya wa dillali fiye da ɗaya. Kada a yarda da "zo ka karɓa bayan sati biyu" a lokacin da naira ke zubewa, domin kuɗin da za a ba ka ranar ba su kai na yau ba.

Wanda kuwa babu abin da ya matsa masa, in aka ce gwal ya tashi, ya fara tambayar nawa dala take yau. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a abin da muka mallaka.