A rubuta "an gyara" a ƙarƙashin hoto



Ni mai ɗaukar hoton biki ce a Kano. Kusan kowace amarya cewa take in haskaka mata fata, in share ƙuraje, in matse ƙugu. Ina yi, don sana'ata ce. Abin da ya sosa min rai shi ne ƙanwata 'yar shekara sha shida, wadda ta ga wani hoton da na gyara a Instagram ta sayo man bilicin don ta kamo hasken amaryar. Na buɗe mata hoton asali, ta daɗe tana kallo ba ta ce uffan ba.

A Norway, tun 2022 doka ta wajabta sa alama a kan tallan da aka sauya wa mutum fata ko surar jiki. Mu ma masu ɗaukar hoto mu riƙa faɗin abin da muka taɓa: "an haskaka fata", "an rage ƙugu". Daidaita hasken ɗaki ba ya buƙatar alama, sauya halitta ne ke buƙata.

Masu kallo kuma su duba abin da ke bayan mutum a hoto. In ƙofa ta lanƙwashe daidai ƙugu, an matse shi.

Wassalam,
Mai ɗaukar hoto daga Kano