A Ƙidaya Kujeru Kafin A Yi Shatar Mota Zuwa Gida

Da zarar an ga watan Zulhajji, ko kuma azumi ya raba tsakiya, sai hankalin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun ya koma kan tafiya gida. A Agege da Idi-Araba da Mil 12 da Sabo, maganar da ake yi a majalisa ita ce ta kuɗin mota. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya zama abin da ke hana magidanta da dama kai iyalinsu Sallah. Saboda haka sai aka koma ga wata dabara da ta yaɗu: gida biyu ko uku su haɗa kai su yi shatar bas guda, bisa zaton cewa duk abin da aka saya a dunƙule ya fi araha.

Wannan zato wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuwa shi ne ke jawo hasara da ɓacin rai tsakanin 'yan'uwa. Abin da ke raba biyun shi ne lissafi, kuma lissafin nan daga kan yara yake farawa.

A tasha ba shekarun yaro ake tambaya ba, kujera ake sayarwa. Yaron da uwarsa za ta rungume a cinya ba a karɓar masa kuɗi, wanda kuwa zai zauna da kansa cikakken kuɗi zai biya ko da shekararsa biyar. To, daga nan ne kuskuren farko ke tasowa. Magidanci ya kan ga zai rage kuɗi in ya ɗora ɗan shekara shida ko bakwai a cinya. Wannan na yiwuwa daga Agege zuwa Oshodi, amma ba daga Ikko zuwa Kano ba, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 1,000, wadda ta kan cinye yini da dare. Kafin a kai Ilori ƙafar uwa ta sage, yaro ya galabaita, fasinjan da ke gefe ya fara ƙorafi. Bugu da ƙari, babba ɗaya yaro ɗaya kawai zai iya riƙewa idan aka taka birki da ƙarfi. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma suna kama motar da ta yi lodi fiye da ƙima, su ci tarar direba, fasinja su yi ta zaman jira a bakin hanya.

Saboda haka ƙa'idar da ta dace ita ce: goyo da ɗan yaye su ne na cinya, kuma kowane ɗaya da babban da zai riƙe shi. Duk yaron da ya wuce haka a ƙidaya masa kujera tun daga gida. Sai an san yawan kujerun nan ne za a iya sanin ko shata ta fi, ko kuwa kowa ya biya nasa.

Ga misali da kuɗi na ƙiyasi, kowa sai ya sa farashin da ya tarar a tasharsa a madadinsu. A ce gida uku ne daga Agege za su Wudil. Gida na farko miji da mata da yara uku da suka tasa da jariri ɗaya, kujera 5 ke nan. Gida na biyu miji da mata da yaro ɗaya babba da ƙanana biyu na cinya, kujera 3. Gida na uku mutum da matarsa da mahaifiyarsa, kujera 3. In an ƙidaya kawuna mutum 14 ne, amma kujerun da za a biya 11 ne.

A ce kujera Naira 40,000 ce zuwa Kano, bas kuwa mai cin mutum 14 ce, direba kuma ya yarda da shata a kan Naira 520,000. In aka raba 520,000 da 40,000 za a sami 13. Ma'ana, sai jama'a na bukatar kujera 13 kafin shata ta yi daidai da biyan ɗai-ɗai. Waɗannan gidaje kuwa 11 suke bukata, watau Naira 440,000. A kallon farko shata ta fi tsada da Naira 80,000.

Amma fa lissafi bai ƙare ba, domin kuɗin kujera ba shi kaɗai matafiyi ke kashewa ba. Akwai kuɗin kaya, wanda 'yan kamasho ke yankewa a kan kowane buhu da kowace babbar jaka. A ce ƙunshi 10 a kan Naira 3,000, ya zama 30,000. Akwai motar da za ta kwashi kowane gida da kayansa zuwa tasha, a ce 24,000 gaba ɗaya. Akwai kuma mota ta biyu daga Kano zuwa Wudil, mutane da kaya, a ce 30,000. In an tara duka, biyan ɗai-ɗai ya koma Naira 524,000. Shi kuwa direban shata zai zo har unguwa ya ɗauke su, kaya na cikin ciniki, in ya ƙara 20,000 don ya zarce Wudil kuɗinsa ya zama 540,000. Bambancin ya dawo Naira 16,000 kacal, kuma da wannan kuɗi an sami kujeru uku da za a shimfiɗar da ƙananan yara su yi barci. In kuwa aka sami mutum ɗaya ya shigo, ko da gwauro ne mai jaka ɗaya, kujeru sun zama 12, kowace ta kama Naira 45,000, alhali a biyan ɗai-ɗai kowace tana kamawa sama da 47,000. A nan shata ta yi rinjaye.

Daga wannan misali za a ga cewa shata tana biya ne idan an kusa cika motar, ga kaya da yawa, sa'an nan garin da za a sauka yana gaba da babbar tasha. In jama'a rabin mota ne, ko matasa ne marasa kaya da za su sauka cikin birnin Kano, to, kowa ya yanki tikitinsa ya fi.

Akwai kuma maganar lokaci. Kwanaki kaɗan kafin Sallah kowa Arewa ya nufa, motoci kuwa su kan juyo Kudu ba fasinjan kirki. Direba ya san haka, don haka sai ya cusa kuɗin man dawowarsa cikin farashin shata. Wanda ya yi ciniki da wuri, ko ya haɗa zuwa da dawowa da direba ɗaya, shi ke da bakin neman ragi. Wanda ya zo ana jajibiri kuwa sai abin da aka yanka masa.

Babban haɗarin shata shi ne janyewa. A koma ga misalin can. In ana gobe tafiya gida na uku suka ce sun fasa, kujeru 11 sun koma 8, kuɗin direba kuwa yana nan 540,000. Kowace kujera ta tashi Naira 67,500. A nan ne zumunci ke lalacewa, domin wanda ya fasa yana ganin bai hau mota ba, waɗanda suka rage kuwa suna ganin shi ya jefa su cikin wannan hali. Maganin abin shi ne kowa ya ba da kafin alƙalami tun ranar da aka ƙulla magana, a kuma yarda a gaban shaidu cewa wanda ya fasa ba za a mayar masa ba sai ya kawo wanda zai maye gurbinsa.

Haka nan rabon kuɗi tilas ya kasance bisa kujera, ba bisa gida ba. In mutum 12 ne a kan 45,000, mai kujera 5 zai biya 225,000, masu kujera 3 kowannensu 135,000, gwauro 45,000. In aka ce a raba daidai don ana jin kunyar juna, mai ƙaramin iyali ne zai ɗauki nauyin mai babba, ko da bai faɗa ba kuwa abin na nan a ransa. Wanda yake son taimakon ɗan'uwansa ya taimake shi a fili, kada a ɓoye taimakon cikin lissafi.

Masu hali da ke bin jirgin sama su lura cewa can ƙidayar yara dabam ce, shekaru ake dubawa. Wanda bai cika shekara 2 ba jariri ne, a cinya zai zauna, kuɗinsa kaɗan ne, kuma babba ɗaya jariri ɗaya. Daga shekara 2 tilas a saya masa kujera, daga 12 kuwa kuɗin babba zai biya. Ranar tafiya ake dubawa, ba ranar sayen tikiti ba, saboda haka jaririn da ya cika shekara 2 yana gida wajen kakanninsa zai bukaci kujera a dawowa. Ya kamata a riƙe takardar haihuwarsa.

A jirgin ma sayen tikiti a dunƙule ba kullum yake sauƙi ba. Kamfanoni su kan kasa kujerun jirgi ɗaya mataki-mataki na farashi. In kujeru 3 suka rage a kan Naira 100,000, na gaba kuwa 130,000 ne, iyali mai mutum 6 da ya nema gaba ɗaya za a kan ba shi duka a kan 130,000, watau 780,000. In ya kasa sayen biyu, uku-uku, kowane kashi da babba a ciki, 690,000 zai biya. Tikitin ƙungiya kuwa, wanda yawanci daga mutum 10 yake farawa, amfaninsa shi ne a riƙe wa jama'a kujeru a jirgi ɗaya da kafin alƙalami, a kawo sunaye daga baya. Ba lalle ne ya fi araha ba.

To, a nan akwai aiki a gaban sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke Kudu. Su ne suka san wane ne zai tafi Katsina, wane ne zai tafi Haɗeja, su ne kuma za su iya haɗa gidaje har mota ta cika. Kamata ya yi su buɗe littafi wata guda kafin Sallah, a rubuta kowane gida da kujerunsa da na cinyarsa da kayansa. A yi ciniki da direban da aka san tasharsa da shugabanninsa, a rubuta lambar motarsa, a fayyace ko kuɗin ya haɗa da mai da kaya da garin da za a sauke mutane, a kuma riƙe wani kaso sai an isa. A bar kwafin sunayen matafiya, har da na jarirai, a hannun wanda ba zai yi tafiyar ba. In littafi ya nuna mota ba za ta cika ba, a gaya wa jama'a gaskiya tun da sauran lokaci, kowa ya je tasha ya yanki tikitinsa.

Allah ya kai kowa gida lafiya, ya kuma dawo da shi lafiya.