Mai jinkirta biya daban, mai biyan tara daban

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a ɗakunan malamai daga Maraɗi har Damagaram: wai kada ka karɓi awoyin ƙari, don lanho zai cinye albashin gaba ɗaya. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ina ƙin ta saboda tana rufe mana ido daga inda ake cutar mu da gaske.

Layin nan da ke kan takardar albashi mai suna ITS shi ne harajin albashi. Wata-wata ake lissafa shi, kuma hawa-hawa ne kamar matakala. A jadawalin kundin haraji na 2012, jika 25 na farko ana cire musu kashi 1 cikin 100, daga nan zuwa jika 50 kashi 2, zuwa jika 100 kashi 6, zuwa jika 150 kashi 13, sannan zuwa jika 300 kashi 25. Kowane mataki abin da ya faɗo cikinsa kaɗai yake taɓawa. Hawa sabon mataki ba ya komawa baya ya ci kuɗin da ke ƙasa.

Mu ɗauki malamin makarantar kuɗi, gwauro marar nauyin kowa a takarda, wanda bayan an cire kuɗin fansho da rangwame, abin da haraji ke hawa kansa jika 140 ne. Harajinsa sefa 8.950. A ce ya yi awoyin ƙari da suka ƙara masa jika 10 a watan. Har yanzu bai wuce jika 150 ba, don haka a cire 1.300, ya tashi da 8.700. Ina cinyewar take?

To amma ga inda gizo ke saƙa. Mai makaranta bai biya awoyin Oktoba ba, bai biya na Nuwamba ba, sai a Disamba ya haɗa jika 30 ya zuba a takarda guda. Jika 10 ta cika matakin kashi 13, wato 1.300. Sauran jika 20 sun haura matakin kashi 25, wato 5.000. Jimla 6.300. Da an biya kowane wata a kan kari, 3.900 za a cire. Sefa 2.400 sun tafi, ba don malam ya ƙara samu ba, sai don wani ya riƙe masa haƙƙinsa. An sa shi ya jira, kuma an ci shi tarar jiran. Haka abin yake ga rafel da tukuicin ƙarshen shekara, duk kuɗin da aka tara aka sauke a wata ɗaya.

Za a ce mini ai na'ura ce ke lissafi, abin da aka biya a wata shi take gani. Na ji. Amma na'ura ba ta jinkirta biya, mutum ne ya jinkirta. Ko dai a raba kuɗin bisa watannin da aka yi aikin kafin a lissafa haraji, ko wanda ya jinkirta ya ɗauki bambancin.

Sai batun kuɗin gida da na sufuri. Da yawa cikinmu sun ɗauka da zarar an canza wa kuɗi suna, ya tsira daga haraji. Suna ba ya kuɓutar da kuɗi. Ƙa'idar ita ce duk abin da ka samu saboda aikinka yana shiga lissafi, sai wanda doka ta ware, kamar kuɗin yara da kuɗin da aka mayar maka na tafiyar aiki. Ko gidan da ma'aikata ta ba ka ka zauna, ana ƙiyasta masa daraja a haɗa. Saboda haka duk mai lissafin da ya ce wannan layi ana cire masa haraji, wancan ba a cirewa, ya nuna ayar dokar da ya dogara da ita.

Gwajin mai sauƙi ne. Ajiye takardar watan da ba ƙari kusa da ta watan ƙari, ka ɗebe ITS na farko daga na biyu, ka raba da kuɗin ƙarin. Ga malaminmu, 6.300 cikin jika 30 kashi 21 ne, alhali matakinsa na kullum 13 ne. Wannan tazarar ita ce shaidarka.

Ina kira ga sandikokinmu da ƙungiyoyin iyayen yara, tunda kuɗin iyaye ne ke biyan waɗannan awoyi: a tilasta kowace takardar albashi ta nuna jimlar da haraji ya hau kanta, da watan da kowane ƙari ya fito. Makarantar da ke korar ɗalibi don ya makara da kuɗin wata, ba ta da bakin cewa malami ya yi haƙuri.