Butar Shayi Ba Ta da Laifi

Duk wanda ya ce maka ka sake danna maɓallin Pair idan intanet ya yanke a na'urar fawalayin, ɓata maka lokaci yake yi. Aikin wannan maɓallin musayar makullin sirri ne tsakanin na'urorin biyu, kuma sun riga sun yi. Matsalar tana cikin wayar bango.

Waɗannan na'urori suna cusa saƙo mai rauni, tsakanin megahaz 2 da 86 a tsarin HomePlug AV2, cikin wayar da aka shimfiɗa domin ɗaukar wuta mai haz 50. Butar lantarki mai wat 2,000 ba ta da wata hayaniya, amma da ta kunnu sai ta buɗe wa saƙon hanya mai sauƙi, ta shanye wani kaso nasa. Na'urar sanyaya ɗaki ta fi ta ɓarna, musamman mai inbata, domin tana watsa hayaniya a zangon da saƙon ke bi.

To, haɗi mai ƙarfi rage gudu kawai yake yi. Wanda ya yanke, dama a bakin rami yake, kuma masu rubuta 1,000 Mbps a kwali sun san da haka.

Ka duba gudun haɗin a manhajar na'urar kafin a kunna butar. Idan 'yan gomomi ne, cire ta daga ekistenshan mai kariyar hawan wuta, wanda ke tace saƙon, ka soka ta a bango, nesa da kicin. Idan na'urorin suna kan fes daban-daban na mita, daina wahala, ka ja kebul ɗin Cat6.